Yayana ya ce a raba kuɗin da ke asusun makarantarmu, ni kuwa gabana yana faɗuwa

Assalamu alaikum Anti. Ni da yayana muka haɗa jari daidai wa daida muka buɗe makarantar firamare a unguwarmu. Ni nake gudanar da ita, ba na ɗaukar albashi, shi kuma yana kasuwa. Ɗalibanmu 240, kuɗin zango naira 45,000. Na yafe wa marayu 12 gaba ɗaya, 'ya'yan malamai 10 suna biyan rabi, wani Alhaji kuma ya ɗauki nauyin yara 8 amma har yau bai biya ba. A watan Satumba an biya wa yara 30 kuɗin shekara cikakke. Mun shiga zangon asusu babu komai, yanzu mun yi hutun Disamba da naira 3,500,000 a banki. Abin da muka kashe 7,600,000 ne, saura albashin Disamba 1,300,000 da ba mu biya ba. Muna bin bashin 1,635,000, har da na Alhajin. Yaya zai aurar da 'yarsa a Fabrairu, ya ce a ba shi rabin abin da ke banki tunda riba ce. Da na yi jinkiri ya ce ina kyauta da dukiyarsa, a kori masu bashi, a rage marayun. Kwana goma ke nan ba ya ɗaga wayata. Anti, ni ce na zalunce shi?

Wata malama daga Kano

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya huci zuciyarki. Faɗuwar gaban nan da kike ji tana da dalili, kuma dalilin yana cikin lissafin da kika aiko. Amma kada ki ɗauka zan ce Yaya ba shi da gaskiya ko kaɗan. Yana da ita a wuri ɗaya mai nauyi, za mu zo wurin. Mu fara da kuɗin, domin rabin rigimarku ta samo asali ne daga kallon lambar da banki ya turo a waya ana kiranta riba.

Yaran nan 30 kowannensu an biya masa naira 135,000, wato zango uku. Zango ɗaya kaɗai kuka koyar. Naira 45,000 ɗin zangon farko ta zama taku halak malak, domin an yi aikin. Sauran naira 90,000 ta kowane yaro kafin alƙalami ce, ba ku yi mata komai ba tukuna. Ki ninka ta sau 30, za ki samu naira 2,700,000. Wannan kuɗi yana hannunku, amma bashi ne a kanku: ko dai ku biya shi da koyarwa daga Janairu zuwa Yuli, ko ku mayar wa uba tsabarsa idan an canza masa wurin aiki ya kwashe yaransa. Yaya ɗan kasuwa ne, zai gane wannan nan take idan aka kawo masa misalin tela. Telan da ya karɓi kuɗin ɗinkin Sallah tun farkon azumi bai ci riba ba sai ya ɗinka ya miƙa, kuma wanda ya cinye kuɗin kafin ya sa almakashi, kowa ya san yadda yake ƙarewa da masu kaya a daren Sallah. Akantoci ma haka suke rubuta shi. Ranar da kuɗin ya shigo ba sa sa shi a shafin kuɗin shiga, sai a shafin abin da ake bin makaranta, sannan duk zangon da aka koyar su ciro kasonsa su mayar da shi kuɗin shiga.

To cire 2,700,000 daga 3,500,000, saura 800,000. Malamai kuma sun riga sun yi aikin Disamba, haƙƙinsu ya tabbata ko an biya ko ba a biya ba. Idan kika cire musu 1,300,000, ba abin da ya rage, har da giɓin naira 500,000. Ma'anar giɓin shi ne, ranar da kuka biya albashin nan kun taɓa rabin miliyan daga kuɗin zango na biyu da na uku don toshe hidimar zangon farko. Da za a ba Yaya 1,750,000 da ya nema, abin da zai rage a banki bayan albashi naira 450,000 ne, alhali iyayen yara 30 suna bin ku koyarwar miliyan biyu da dubu ɗari bakwai.

Wannan ba ya nufin kun yi asara. Riba daban, tsabar kuɗi daban, kuma makaranta tana iya samun ɗaya ta rasa ɗaya. Ga yadda ake fitar da ribar zango. Ɗalibai 240 a kan 45,000 sun ba da naira 10,800,000, wannan shi ne cikakken kuɗin da za a samu da kowa yana biya. Daga nan a cire rangwame: marayu 12 sun kama 540,000, rabin kuɗin 'ya'yan malamai 10 ya kama 225,000, jimla 765,000. Abin da makaranta ta cancanci karɓa a zangon ke nan naira 10,035,000, ko ya shigo hannu ko yana aljihun iyaye. Hidimar zangon kuma ita ce 7,600,000 da kuka kashe haɗe da albashin Disamba, wato 8,900,000. Tsakaninsu akwai 1,135,000. Kada ki yi murna da wannan lambar tukuna, domin ta ɗauka cewa duk mai bashi zai biya, ke kuwa kin san ba haka ba ne.

Nan ne nake so ki zauna da littafin ɗalibai, ki bi masu bashin ɗaya bayan ɗaya. Ki ware na Alhaji gefe, naira 360,000, saura 1,275,000 a kan iyaye. Ba ki gaya mini yadda suka kasu ba, don haka zan ƙaddara adadi don mu ga yadda aikin yake, ke sai ki sa na gaskiya. A ce naira 675,000 tana kan waɗanda kin san halinsu, ma'aikatan da albashinsu ke makara da 'yan kasuwar da ke cikawa a makon farko na komawa. Waɗannan bashi ne mai rai. A ce 420,000 tana kan gidajen da abin ya yi musu nauyi da gaske, wanda aka sallama daga aiki, wadda mijinta ke kwance. A nan sai ki ƙaddara rabi ne zai fito, ki ware 210,000 a matsayin mai shakka. A ce kuma yara huɗu sun daina zuwa tun Nuwamba, an gan su da yunifom ɗin wata makaranta. Tasu 180,000 ki ƙaddara ta tafi duka. Mai shakka ya zama 390,000. Ki cire shi daga 1,135,000, ribar zangon farko ta tsaya a naira 745,000, kason kowannenku 372,500.

Ware mai shakka ba yafewa ba ne. Sunan uban yana nan a littafi da adadinsa, kuma za ki ci gaba da nema. Abin da kika yi kawai shi ne kin ƙi raba kuɗin da ba ki da tabbacin zuwansa. Idan ya fito daga baya, ya zama ƙari a zangon da ya fito.

Kin ga inda ribar take? Ba ta banki. Tana gidan Alhaji da gidajen iyaye. Wannan ce jimlar da Yaya yake buƙatar ji: akwai riba, ƙarama ce, kuma sai an je an karɓo ta.

Kafin mu bar lissafi, ki duba Janairu da idon basira, domin nan ne irin wannan kuskure yake bayyana. A zangon farko abin da ya shigo na zangon kansa naira 8,400,000 ne, kuma 1,350,000 a ciki daga yaran nan 30 ya fito. A Janairu ba za su kawo ko sisi ba, sun riga sun biya. Idan sauran iyaye suka yi yadda suka yi a baya, 7,050,000 za ku gani, hidima kuma tana nan kusan 8,900,000. Mai makarantar da ya raba kafin alƙalami a Disamba, a Maris yake fara cewa malamai su yi haƙuri, a Yuni ya ci bashi da ruwa, a Satumba kuma ya matsa wa iyaye su biya na shekara don ya toshe na bara. Da zarar an shiga wannan zagayen, kuɗin gobe ne kullum ke biyan hidimar jiya, kuma shekarar da masu biyan shekara suka ragu sai makarantar ta durƙushe ba tare da an san ranar da ta fara ciwo ba. Alamar da ake gane shi da wuri ita ce wadda muka yi yanzu: a ƙarshen kowane zango, abin da ke banki ya kai kafin alƙalami haɗe da albashin da ba a biya ba, ko bai kai ba?

Yanzu inda Yaya yake da gaskiya. Wasiƙarki ta ce "na yafe wa marayu", ba ta ce "mun yafe" ba. Niyyarki kyakkyawa ce, Allah Ya ba da lada, amma dukiyar ta mutum biyu ce, kuma abokin tarayya yana da hurumin saye da sayarwa da gudanarwa, ba shi da hurumin kyauta da kason ɗan'uwansa sai da yardarsa. Naira 540,000 ɗin marayu, rabinta, 270,000, daga kason Yaya take fita kowane zango, sama da 800,000 a shekara. Mutumin da ke neman kuɗin gado da katifa da kayan kicin na 'yarsa, ya ji an yi sadaka da wannan a madadinsa ba a tambaye shi ba, dole ransa ya sosu. Ina jin ma abin da ya fi ci masa rai ba adadin ba ne, rashin shawarar ne, ga shi shi ne babba. Ki ba shi haƙuri a kan wannan kai tsaye, ba tare da kin haɗa da "amma" ba.

Bayan haƙurin sai a yi maganar gaskiya a kan rangwamen, domin abubuwa uku ne mabambanta kuka cusa a buhu ɗaya kuna kira taimako. Na 'ya'yan malamai ba sadaka ba ce, wani ɓangare ne na albashi. Malamar da ke karɓar abin da kuke biya ta zauna ne, wataƙila, saboda ɗanta yana karatu da rabin kuɗi. Ku janye shi, ko ku ƙara mata albashi ko ku nemi wata a tsakiyar shekara. Na Alhaji kuma ba rangwame ba ne sam. Makaranta ba ta yafe komai ba, an dai canza wanda zai biya. Saboda haka ake rubuta cikakken kuɗin yaran takwas a matsayin kuɗin shiga, bashin kuma a buɗe masa shafi da sunan Alhaji, kada a bar shi a kan iyayen da aka ce musu an ɗauke musu. Na marayu shi kaɗai ne kyauta ta gaskiya, kuma idan kin lissafa kashi biyar ne cikin ɗari na cikakken kuɗin zango.

Shi ma na marayun, nauyinsa ya danganta da kujera. Idan ajin da marainiya take yana da gurbi, kuma babu mai biya da aka mayar saboda ita, abin da makaranta ke kashewa a kanta bai wuce takardun jarrabawa da alli da ɗan abin da ba a rasa ba, domin malami da haya da man janareta suna nan ko tana nan ko ba ta nan. Korar ta ba za ta kawo 45,000 ba, za ta bar kujera ce kawai babu kowa. Idan kuwa ajin ya cika har kuna mayar da masu biya, to lallai kujerarta tana cin cikakken kuɗi. Ki duba aji-aji ki gaya wa Yaya gaskiyar abin da kika gani, ko da bai goyi bayanki ba.

Shawarata a nan ita ce kada a taɓa yaro ko ɗaya a cikin wannan shekarar karatu. An yi musu alkawari, kuma cire maraya a Janairu abu ne da unguwa ba za ta manta muku ba. Daga Satumba mai zuwa ku rubuta ƙa'ida ku biyu: kashi nawa cikin ɗari za a ware wa tallafin karatu, wa ya cancanta, wace shaida za a kawo, kuma kowane suna sai da sa hannunku duka. Idan Yaya ya ce kashi uku ya yarda da shi, ke kuma kina son biyar, ragowar biyun a rubuta su a kan kasonki ke kaɗai, ladan ma naki. Ko ki nemi masu hali da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta iyaye su ɗauki wasu, amma da sharaɗin da za mu faɗa a kan Alhaji. Sa hannu biyun nan yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. A makarantun da jerin masu tallafi yake a ka kawai, hanya mafi sauƙi ta ɓatan kuɗi ita ce mai karɓa ya amshi tsaba daga uba, ya rubuta ɗan a cikin waɗanda aka yafe wa. Ban ce haka na faruwa a wurinki ba. Na ce jerin da aka sa wa hannu tun farkon zango yana kare mai karɓar kuɗin ma daga zargi.

Akwai kuma abin da ke kanki kika yi shiru a kai. Kina aiki daga safe zuwa la'asar babu albashi. Da hedimasta kuka ɗauka a kan naira 100,000 a wata, 400,000 ce za ta fita kowane zango, ribar nan ta 745,000 ta koma 345,000. Wato wani kaso na abin da za ku raba guminki ne. Kada ki ɗauki wannan ki yi wa Yaya gori da shi, zai rufe ƙofar magana. Amma ranar da za a rubuta ƙa'ida, ya kamata ya shiga takarda: ko a yanka miki albashi, ko a ƙara miki kaso a riba, ko ku amince cewa gurbin marayu shi ne ladan aikinki. Na ukun nan yakan warware rigima irin taku cikin ruwan sanyi, idan ke kin yarda da shi da zuciya ɗaya.

Maganar korar masu bashi, ban goyi bayan a yi ta da buhu ba, ban kuma goyi bayan yadda kike yi yanzu ba, wato shiru da jin nauyi har zango ya ƙare. Addini ya raba su gida biyu tun tuni. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisi kuma ya tabbata cewa jinkirin mai hali zalunci ne. Uban da ya canza mota a Nuwamba bai biya 45,000 ba, ba a ajin mai jinya yake ba. Mai hali ki rubuta masa takarda da adadi da rana, ki ce yaro zai koma aji ranar da aka cika na baya. Ki aika masa tun cikin hutu, a rufe, ta hannun babba ko ta waya. Kada a kira sunan yaro a asambuli, kada a tsayar da shi a bakin get yana kallon 'yan ajinsu suna shiga. Bai ci bashin kowa ba.

Mai ƙunci kuma ki kira shi ofis ki tambaye shi nawa zai iya a wata. Naira 15,000 sau uku ta fi 45,000 da ba za ta zo ba. A rubuta, ya sa hannu, domin ayar bashi, ta 282 a surar nan, umarnin rubutawa ta yi. Wanda kika ga ko hakan ba zai iya ba, gara ku yanke shawara da Yaya a fili, ko a ba shi rabin tallafi, ko a gaya masa da mutunci ya nemi makarantar gwamnati a ƙarshen shekara. Barin bashi ya hau zango uku ba tausayi ba ne. Idan ya kai 135,000, mafi yawan iyaye ba sa iya haɗa ido da ke, sai su sulale da yaron, ki rasa kuɗin da ɗalibin da gaisuwar. Ki sa iyaka: bashi ba ya tsallake zango biyu ba tare da an zauna ba. Abin da zan hana ki shi ne tarar makara, a ce wanda ya wuce wata ɗaya zai ƙara dubu biyar. Ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne abin da malamai ke kira riba ta haram, kuma a garinku zai jawo miki maganar da ta fi dubu biyar tsada.

Alhaji kuwa ki je da kanki, ko ki roƙi Yaya ya je, wanda hakan ma hanya ce ta dawo da shi cikin harkar. A tafi da takarda mai sunayen yaran takwas da ajinsu da sakamakon jarrabawarsu da adadin 360,000. Sau da yawa irin waɗannan bayin Allah ba ƙi suka yi ba, ba wanda ya kai musu takarda ne, ku kuma kuna jin kunyar tambaya. A tambaye shi kuma a fili ko zai ci gaba a zango na biyu, domin idan ya yi shiru har Yuli, kun wayi gari da marayu 20 maimakon 12, da bashin 1,080,000 da ba mai biya. Daga yanzu duk mai ɗaukar nauyi ya biya kafin a shiga zango.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan. Ki biya malamai albashinsu, kada su shiga sabuwar shekara suna bin ku. Naira 2,200,000 da ta rage ki mayar da ita wani asusu daban wanda ba a cirewa sai da sa hannunku biyu, ki rubuta a littafi cewa asusun yana bin makaranta 500,000. Ranar da aka koma a Janairu a ciro 1,350,000 zuwa asusun hidima, sauran sai zango na uku. Ki buɗe wa kowane ɗalibi layi guda mai gida shida: bashin baya, kuɗin zango, rangwame, abin da aka biya, lambar rasit, abin da ya rage. Wanda ya biya gaba, ragowarsa ta fito da jan biro don a san makaranta ake bi. Kada a haɗa jimlar masu jan biro da ta masu bashi a ce an tashi a kaza, domin rarar gidan Malam Wane ba ta biyan bashin gidan wani. Kuma ki ja kunnen mai karɓar kuɗi a kan abu ɗaya: uban da ake bi 20,000 ya kawo 45,000 a Janairu, a fara cire tsohon bashi, a rubuta 25,000 a sabon zango, rasit ya nuna haka. Idan aka rubuta duka a zango na biyu, tsohon bashin yakan ɓace daga ido, idan kuma aka lissafa kuɗin tsohon bashi a matsayin kuɗin shigar sabon zango, an ƙirga riba ɗaya sau biyu. Masu taransifa kuma su riƙa sa sunan yaro da aji, musamman mai 'ya'ya uku da ke turo kuɗi a dunƙule.

Su ma masu biyan shekara suna buƙatar takarda 'yar gajeriya: idan yaro ya bar makaranta, zangon da aka fara ba a mayarwa, wanda ba a shiga ba ana mayarwa cikin kwana kaza, kuma ƙarin kuɗin makaranta a tsakiyar shekara bai shafe su ba. Wannan na ƙarshen ki tuna da shi duk lokacin da kike murnar an biya gaba, domin kin sayar da koyarwar Yuni a farashin Satumba, dizal da takarda kuwa ba su yi miki alkawarin tsayawa ba.

Saura bikin. Idan na Alhaji da na masu cikawa a makon farko suka shigo, naira 1,035,000 ke nan. A fara mayar da 500,000 asusun ajiya. Daga 535,000 da ta rage ana iya ba Yaya kasonsa na 372,500 kafin ƙarshen Janairu, a rubuta cewa ya karɓa daga ribar shekara, ke kuma ki bar naki a ciki zuwa Agusta. Ba zan ɓoye miki ba, ko hakan zai matse ku, domin idan iyaye suka sake yin jinkiri irin na baya, zango na biyu ma zai ƙare da giɓin rabin miliyan, abin da ya rage a hannu da abin da masu biya kaɗan-kaɗan za su kawo ba zai rufe shi duka ba, za a rasa kimanin kuɗin yara uku. Ana iya cike wannan idan takardun iyaye suka fita da wuri. Idan abin da zai samu bai ishe shi ba, kuma na san ba zai isa ba, taimakon da za ki ƙara ya fito daga aljihunki a matsayinki na gwaggon amarya, ko 'yan'uwa su yi karo-karo kamar yadda aka saba. Asusun ajiya dai ba ya ba da rance, ko ga mai makaranta. Daga bana kuma ku mayar da rabon riba sau ɗaya a shekara, bayan an biya albashin Agusta, watan da babu ɗalibi ko ɗaya da ke kawo kuɗi.

Tunda ba ya ɗaga waya, kada ki tura masa lissafi ta saƙo, zai karanta shi a matsayin hujjar da kike kafa masa. Ki je gida da yamma, ki gaisa da matarsa, ki tambayi shirin biki, ki ba shi haƙurin rashin shawara. Sannan ki roƙe shi ya zaɓi wanda ya yarda da shi, akanta ko wani abokin kasuwarsa mai riƙe littafi, ku zauna ku uku da takardar banki da littafin rasit da jerin sunaye. Ki bar shi ya riƙe kalkuleta da kansa, ki fara da tambayarsa nawa za ku mayar idan iyayen yaran nan 30 suka zo gobe suka ce sun fasa. Idan akwai mahaifiya ko kawu a raye, ki sanar da su cewa za ku zauna, amma kada ki kai ƙara, don kada ya ji an tara masa mutane. Ki rubuto mini bayan zaman, musamman ki gaya mini yadda masu bashin suka kasu a littafinki, domin idan kason masu shakka ya fi abin da na ƙaddara, adadin da za a ba Yaya ma sai an sake duba shi.